Yadda Ake Ƙirƙirar Amsoshin Yaudara a Jarrabawar Kemistiri

Malam, ina koyar da kemistiri a SS2 a nan Gombe. In na shirya tambayoyin canki-canka, har yaron da bai yi karatu ba yana gano amsa. Daga ina zan samo amsoshin yaudara masu kama da gaskiya?

Malama, daga littattafan aikin ɗalibanki. Amsar yaudara mai kyau ita ce wadda yaro zai samu in ya yi kuskuren da yara suka saba yi, ba lambar da malami ya ƙaga don cike gurbi ba.

A ce tambayar ita ce: dm³ nawa 11 g na CO₂ zai cika a s.t.p.? (C = 12, O = 16, mol ɗaya 22.4 dm³). Nauyin mol ɗaya 44 g ne, don haka 11 ÷ 44 ya ba da 0.25, a ninka da 22.4 a sami 5.60.

To, sai ki sake yin lissafin sau uku, kowane karo da kuskure guda. Wanda ya manta da 2 ɗin da ke jikin O zai raba da 28, ya sami 8.80. Wanda ya juya rabawar, ya yi 44 ÷ 11, zai sami 4, ya ƙare da 89.60. Wanda kuwa ya tsaya rabin hanya zai ga 0.25 a jerin, ya zaɓa da murna. Wannan na ƙarshe yakan kama har yara masu ƙoƙari in suna sauri.

Ki jera su daga ƙarami zuwa babba, awo iri ɗaya, lambobi biyu bayan ɗigo. In amsar gaskiya ce kaɗai ta fita daban a siffa, kin ba da satar amsa da hannunki.

In zaɓi biyar nake so, irin na NECO fa?

Ki ƙara 22.40. Akwai masu haddar wannan lamba, da sun ga s.t.p. sai su dumfare ta.

Ta yaya zan san zaɓin ya yi aiki?

Bayan kin duba takardu, ki ƙirga mutum nawa suka ɗauki kowane harafi. A aji mai yara 60, zaɓin da bai sami ko uku ba bai yaudari kowa ba, a sauya shi. In kuma rabin aji suka tafi 8.80, kin san darasin da za ki maimaita ke nan, wato lissafin nauyin mol.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaran da ke kan gaba su taru a kan amsar yaudara guda. A nan ban cika zargin yaran ba. Ki sake karanta tambayar, ki sake lissafin, domin sau da yawa tana ɗaukar ma'ana biyu ne, ko kuma kuskuren yana cikin takardar amsoshinki.