Ɗaukaka ƙara kan ƙin biyan diyyar inshora

Ɗaukaka ƙara a harkar inshora ita ce takardar da mai inshora ke aika wa kamfani yana neman a sake duba buƙatar diyyar da aka ƙi biya. Ƙarfinta yana kan abu biyu: sashen yarjejeniyar da ya ba shi haƙƙi, da takardun da ke nuna cewa asarar ta shiga ƙarƙashin wannan sashe. Bayanin halin ƙuncin da mutum ya shiga bai cika sauya hukunci ba, domin mai duba ƙarar kalmomin yarjejeniya yake bi.

Ana farawa ne daga wasiƙar ƙin biya. A cikinta kamfani kan faɗi dalilinsa, sashen da ya dogara da shi, da wa'adin ɗaukaka ƙara, wanda ya bambanta daga yarjejeniya zuwa yarjejeniya. Idan bai ambaci sashen ba, sai a nema a rubuce. Daga nan a karanta sashen tare da ɓangaren ma'anar kalmomi da duk gyaran da aka yi wa yarjejeniyar daga baya, tunda gyara yakan soke abin da ke rubutun farko.

A ɗauka bututun ruwa ya fashe a cikin bango ya lalata ɗaki. Kamfani ya ƙi biya, yana kafa hujja da togaciyar da ke sashe na 4(b) na yarjejeniyar, wadda ta cire ɓarnar yoyon da ya daɗe yana yi a hankali daga abin da ake biya. Mai gida sai ya kawo sashe na 2(a) kalma da kalma, inda aka amince da biyan ɓarnar ɓallewar ruwa farat ɗaya. Gardamar ta koma kan tambaya guda: fashewa ce ko tsohon yoyo? Rahoton mai gyaran famfo da ya ce tsagar sabuwa ce, babu tsatsa a bakinta, shi ne babbar hujja. Hotuna masu kwanan wata suna nuna bangon babu funfuna ko tsohon tabo. Takardun kuɗin ruwa na watannin baya ma suna taimakawa, idan a watan da abin ya faru kaɗai aka ga hauhawa. Rasit ɗin kayan da suka lalace kuwa girman asarar kawai yake nunawa, ba ya taɓa dalilin ƙin biyan, kuma nan ne masu ƙara da yawa ke ɓata ƙoƙarinsu.

A tsarin shari'a da dama, kamfani ne ke da nauyin tabbatar da cewa togaciya ta shafi asarar, kuma kalma mai harshen damo ana fassara ta ne ta yadda za ta amfani mai inshora, tunda kamfani ne ya rubuta ta.

Ana sa wa kowace takarda lamba, a ambace ta a jikin wasiƙar, a aika kwafi ta hanyar da ke barin shaidar isarwa, a riƙe na asali. Idan rahoton mai gyaran famfo ya nuna tsatsa da ruɓewar shekaru, togaciyar ta zauna daram. Idan kuma kamfani ya sake ƙi duk da hujja, ana iya kai batun ga hukumar kula da inshora, ko ofishin sasanta ƙorafi inda akwai shi, ko kotu.