Lokacin da ke kan rasit da lokacin rufe karɓa: me ya sa kuɗin yau ke kwana a hanya?

Mutum ya tura kuɗi, rasit ya fito da kwanan wata da awa da minti har da daƙiƙa, amma wanda aka tura wa ya ce bai ga komai ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. Lokacin da aka buga a kan rasit, wanda wasu bankuna ke rubuta masa `Timestamp` ko `Transaction Date`, lokacin da bankinka ya karɓi umarninka ne. Bai ce kuɗi sun isa ba. Ranar da za a lissafa kuɗin a matsayin sun motsa tana wani layi daban, mai suna `Value Date`, kuma ita ya kamata ido ya fara nema.

Abin da ke raba ranakun biyu shi ne lokacin rufe karɓa, wanda za ka gani a manhaja ko shafin banki da sunan `Cut-off time`. Ma'anarsa sa'ar ƙarshe da banki zai karɓi umarni ya aiwatar da shi a ranar. Duk abin da ya shigo bayan nan, ko da minti ɗaya ne, ana ɗaukarsa kamar ya zo a ranar aiki ta gaba. Dalili kuwa, bankuna suna biyan juna ta wani tsari da babban banki ke gudanarwa, kuma tsarin yana da lokacin tashi daga aiki. A Birtaniya, wannan tsarin, mai suna CHAPS, yana rufewa da ƙarfe 6 na yamma, kuɗin kwastomomi kuma ana daina karɓarsu tun 5:40. A ƙasashen da ke amfani da yuro, tsarin T2 yana daina karɓar na kwastomomi da ƙarfe 5 na yamma agogon Frankfurt.

Waɗannan lokutan na tsarin ne, ba naka ba. Bankinka yakan sa nasa lokacin kafin wannan, don ya samu sararin duba kuɗin da ke asusu da tantance sunaye, da canjin kuɗi idan akwai. Shi ya sa banki ɗaya zai iya samun lokutan rufewa daban-daban: na cikin gida daban, na ƙetare daban, na cikin reshen banki daban da na waya.

A ce wani ya tura yuro ta hanyar da ke bi ta T2, rasit ya nuna masa:

```
2025-04-17T15:20:44Z
```

A ido, ƙarfe 3:20 na rana ne, saura lokaci mai yawa. Amma harafin `Z` da ke ƙarshe yana nufin agogon duniya na UTC ne. A watan Afrilu ana kan lokacin bazara a Turai, agogon Frankfurt yana gaban UTC da awa 2. Wato a can ƙarfe 5:20 ne, ƙofa ta rufe da minti 20. Sai gobe ke nan? A'a. Ranar 17 ga Afrilu, 2025 Alhamis ce, washegari kuma Juma'ar Ista, ranar da T2 ba ya aiki. Asabar da Lahadi a rufe yake, Litinin 21 ga wata ma hutun Ista ne. Ranar farko da kuɗin za su iya tashi ita ce Talata 22 ga Afrilu. Makarar minti 20 ta jawo jiran kwana 5, alhali ba wanda ya riƙe kuɗin kowa.

Da rasit ɗin ya ƙare da `+01:00`, to sai ka cire awa 1 kafin ka samu UTC. Idan babu wata alama, yawanci agogon bankin ne, wani lokaci kuma na wayarka. Tsarin kwanan wata ma yana ruɗarwa: `03/04/2025` a Amurka 4 ga Maris ne, a Birtaniya 3 ga Afrilu.

Tura kuɗi na nan-take, wanda ke shiga cikin daƙiƙu dare da rana, ba shi da wannan ƙofar. Duk da haka, a sitatimen kana iya ganin an rubuta shi da ranar aiki ta gaba, don banki ya riga ya rufe littafinsa na ranar.

Idan ana saɓani a kan ko an biya bashi ko haya a kan lokaci, kada ka dogara da kalmar `Successful` kaɗai, don a wasu manhajoji ma'anarta an karɓi umarni kawai. Ka nemi banki ya ba ka ranar `Value Date` da lambar shaidar cinikin. Idan ranar ta wuce kuma asusun mai karɓa bai nuna komai ba, da wannan lambar bankunan biyu za su bi sawun kuɗin.