Ɗora fuska a kan wani hoto da hannu a Photoshop

Ɗora fuska da hannu aiki ne na ɗauko fuskar mutum daga wani hoto a zaunar da ita a kan wani, ta yadda ba za a ga mahaɗar ba. Aikin ya dogara ne a kan leya, wato shimfiɗar hoto a kan hoto, wadda kamfanin Adobe ya shigo da ita a Photoshop 3.0 a shekarar 1994. Masu ɗaukar hoton biki kan bukace shi: ango ya rufe ido a hoton da kowa ya fito da kyau, sai a ɗauko fuskarsa daga hoton da aka ɗauka bayansa.

Ana zagaye fuskar da Lasso Tool, a haɗa har da goshi da kumatu da ɗan sarari a gefe, a kwafe ta zuwa hoton da ake gyarawa. Sai a rage Opacity na sabuwar leyar zuwa wajen 50% domin a riƙa hango fuskar ƙasa. Da Ctrl+T ake ja da juyawa har idanu su hau kan idanu, sannan a duba hanci da baki, a mayar da Opacity zuwa 100%.

Daga nan ne gwaninta take bayyana. Ba a goge gefen fuskar da Eraser, domin abin da ya goge ya tafi. Layer Mask ake sakawa, wanda ɓoyewa kawai yake yi: fari yana nunawa, baƙi yana ɓoyewa, ruwan toka kuma yana nuna wani kaso. Idan aka ɗauki buroshi mai Hardness 0% aka shafa baƙi a gefen fuskar a kan Layer Mask ɗin, bakinsa mai laushi yana barin ruwan toka, sai fatar sama ta narke cikin ta ƙasa a hankali. In an ci fuskar da yawa, a danna X launin ya koma fari a dawo da ita. An fi ɓoye mahaɗar a tsakiyar goshi da kumatu, inda fata take sumul. A bakin hula ko gefen haɓa kuwa buroshi mai ɗan tauri ake so, in ba haka ba wurin zai yi hazo.

Launin fata ana daidaita shi da leyar Curves, wadda ake ɗorawa a saman leyar fuskar, a ɗaure ta da leyar fuskar kaɗai ta Ctrl+Alt+G. Haske ne ba ya gyaruwa da sauƙi. Idan inuwar hanci ta faɗi hagu alhali ta wuya tana dama, ko ɗigon hasken ido ya saɓa da na sauran mutanen hoton, haɗin ya tonu. Haka ma fuskar da ta fi jiki kaifi, wadda ake rage wa kaifin da ɗan Gaussian Blur.

Ɗora fuskar wani ba da izininsa ba domin yaudara ko cin mutunci zalunci ne, kuma yana iya kai mutum gaban kotu.