Ƙa'idar Tustin: yadda ake mayar da kwantirolar takarda zuwa wadda kwamfuta ke iya bi

Wani ɗalibina a nan Sakkwato ya haɗa famfon sola na ban ruwa, irin wanda masu albasa ke kafawa a fadama, ya sa masa ƙaramar kwamfuta mai daidaita gudun injin. Farko komai lafiya lau. Da ya ƙara allon nuna lambobi da katin ajiye bayanai, sai injin ya kama fizga: ya zabura, ya lafa, ya sake zabura fiye da na farko. Ya zo yana cewa, "Malam, ina jin zafin rana ne ya taɓa sensar." Kowa ya san ranar Afrilu a garin nan, amma wannan karon ba ta da laifi. Matsalar tana cikin layi ɗaya na lissafi.

A takarda muna tsara kwantirola kamar lokaci ruwa ne mai gudana, muna rubuta ta da harafin s. Kwamfuta kuwa taku-taku take yi: ta karanta sensa, ta yi lissafi, ta ba da umarni, ta jira daƙiƙa T, ta sake. Harshenta shi ne z. Dole a sami ƙa'idar canza s zuwa z, kuma guda uku aka fi amfani da su:

```
Euler na gaba:  s = (z - 1)/T
Euler na baya:  s = (z - 1)/(T z)
Tustin:         s = (2/T)(z - 1)/(z + 1)
```

Dukansu amsar tambaya ɗaya suke bayarwa, wato nawa ne ya taru tsakanin taku biyu. A ɗauki gona mai gefe ɗaya gajere, ɗaya dogo. Euler na gaba ya auna gefen farko ya ninka da tsawo. Na baya ya auna gefen ƙarshe. Ƙa'idar ta uku, mai ɗauke da sunan injiniyan Birtaniya Arnold Tustin wanda ya yi rubutu a kanta a 1947, tana haɗa gefen biyu ta raba biyu, kamar yadda duk mai awon gona da ya san aikinsa zai yi.

A kwantirolar ɗalibin akwai sashen da ke tace hayaniyar sensa, C(s) = 10/(s + 10). Abin dubawa shi ne lambar da ake ninka amsar da ta gabata da ita a kowane taku. A aji ana ce mata fol, ni kuwa turke nake kiranta, don ita ke riƙe da dabbar. Idan girmanta bai kai 1 ba, kowane kuskure yana raguwa har ya mutu. Idan ya wuce 1, kuskuren haihuwa yake yi.

Lokacin da takun yake T = 0.05, turken gaskiya shi ne e^(-10T), wato 0.607. Euler na gaba ya ba da 1 - 10T = 0.5. Na baya ya ba da 1/(1 + 10T) = 0.667. Tustin ya ba da (1 - 5T)/(1 + 5T) = 0.6, kusan daidai da gaskiya. Duka ukun na aiki, shi ya sa yaron bai ga komai ba duk da ya zaɓi Euler na gaba saboda sauƙinsa. Da ya bi Tustin, abin da zai rubuta bai fi wannan ba, inda e ke shiga matatar, u ke fita, e_da da u_da kuma na takun da ya gabata ne:

```
u = 0.6*u_da + 0.2*(e + e_da);
u_da = u;
e_da = e;
```

Allon da katin sun ja kowane zagaye ya kai T = 0.25, kuma shirin nasa yana auna T da kansa ya sa a lissafi. Sai turken ya koma 1 - 2.5 = -1.5. A ba wannan matatar shigarwa tsayayya ta 1, wadda ya kamata amsarta ta hau a hankali ta zauna a 1, ga abin da za ta fitar: 2.5, sai -1.25, sai 4.4, sai -4.1. Fizgar da ya gani ke nan. Alamar wannan cuta ba ta ɓuya: umarnin yana juyawa sama da ƙasa a kowane taku ɗaya, kuma yana girma. Iyakar a nan T = 0.2 ce. Sensar da zafi ya lalata ba ta bin ƙidayar agogon kwamfuta haka.

A wannan T ɗin Euler na baya ya ba da 0.286, Tustin ya ba da -0.11, gaskiya kuwa 0.082. Ba wanda ya dace sosai, amma dabbar ba ta tsinke ba. Wannan kuma doka ce: Tustin yana kai duk turken da ke da natsuwa a s cikin da'irar da girmanta 1 ne a z, mara natsuwa kuma ya bar shi a waje. Euler na baya kuwa ya wuce gona da iri, har yana iya ɗauko abin da ba shi da natsuwa ya nuna shi lafiyayye. Wannan ya fi ba ni tsoro idan ana gwada injin a kwamfuta kafin a gina shi, domin ƙaryar da ke kwantar da hankali ta fi wuyar kamawa.

Tustin ma yana da nasa kuɗin shiga. Yana matse mitoci, wato saurin kaɗawar sigina, abin da ka ajiye a mita w, mai awon radiyan a daƙiƙa, sai ya sauka a (2/T)·atan(wT/2), ƙasa da inda ka so. A T = 0.05 mitar 10 ta koma 9.8, ba abin damuwa ba. A T = 0.25 ta koma 7.2. Inda abin ya fi ciwo shi ne matatar da aka tsara don ta kashe mita ɗaya tak. Wutar lantarkinmu 50 Hz ce. Ka tsara matatar kashe gurnaninta, ka karanta sensa sau 200 a daƙiƙa, ka bi Tustin kai tsaye, ramin zai faɗa a kusan 42 Hz, gurnanin ya wuce abinsa. Maganin shi ne a musanya 2/T da w0/tan(w0·T/2), inda w0 ita ce mitar da ka damu da ita. A wannan mita ɗaya za a dace cif, sauran kuwa suna nan a ɗan karkace.

Sai gargaɗi ga masu PID, kwantirolar da ke haɗa kuskuren yanzu, tarinsa da saurin canjinsa. Kada a sa Tustin tsirara a kan sashen D, mai bin saurin canjin, domin s kaɗai tana haifar da turke a z = -1, umarnin ya riƙa karkarwa ba ya mutuwa. A sa masa matata tukuna, ko a bi Euler na baya a wannan sashe.

Ɗalibin ya tambaye ni, "To Malam, in na koma Tustin shi ke nan?" Na ce a'a. Alkawarin Tustin a kan kwantirolar kaɗai yake, bai haɗa da injin da ruwan da ke bututu ba. Kwamfuta tana riƙe umarni ɗaya tsawon taku guda, wanda daidai yake da jinkirin kusan T/2. A mitar 10, jinkirin T = 0.05 yana cin digiri 14 daga rarar natsuwar tsarin, na T = 0.25 kuwa yana cin kusan 72, kuma tsari kaɗan ne ke da rarar da ta kai haka. Don haka muka yi gyara biyu. Muka ɗaura lissafin a kan agogon cikin kwamfutar ya riƙa tashi duk bayan daƙiƙa 0.05 ko me ake ciki, allon da katin su jira ragowar lokaci. Sannan muka sa layukan nan uku na sama. Da la'asar muka kunna famfon, ruwa ya fito a miƙe.