Kilifin a Sola, da Dalilin Sa Fanel Ya Fi Ƙarfin Inbata

Kilifin shi ne lokacin da faneloli za su iya ba da wuta fiye da abin da inbata ke iya fitarwa, sai ita inbatar ta tsaya a iyakarta ta ƙi karɓar sauran. Asalin kalmar yana nufin datse kan abu, shi ya sa wasu masu haɗa sola ke cewa inbata ta yanke. In ka duba zanen wutar yini a waya, maimakon ya hau kamar tudu ya sauko, sai ka ga wajen azahar saman ya baje sumul kamar an sa wuƙa.

Mutane da yawa a nan Katsina in suka ji an ce a ɗora fanel na wat 6,600 kan inbata mai wat 5,000 sai su ɗauka mai aikin kaya kawai yake son sayarwa, ko kuma inbatar za ta ƙone. To ba haka abin yake ba. Lambar nan da ke jikin takardar bayan fanel an auna ta ne a ɗakin gwaji, hasken wat 1,000 kan kowace murabba'in mita, shi kuma fanel ɗin zafinsa digiri 25 kacal. Ina za ka samu digiri 25 a kan kwano a watan Afrilu? Iska kanta tana kai 40, fanel kuwa yana iya kai 65, kuma kowane digiri ɗaya da ya hau kan 25 yana cin kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa, ka ga kashi 14 sun tafi ke nan tun ba a zo maganar ƙurar hunturu da asarar cikin waya ba.

A ɗauki mai shagon ƙanƙara a Ƙofar Ƙaura da inbata mai wat 5,000. In ya sa fanel 9 masu wat 550, wat 4,950 ke nan a takarda, amma da tsakar ranar bazara abin da zai gani bai wuce 4,000 ba, wato ya biya kuɗin inbatar da ba ta taɓa cika cikinta ba. In ya ƙara ukku suka zama 12, wat 6,600, da azahar za su so ba da kamar 5,300, inbata ta tsaya a 5,000. Ɗari ukkun nan ita ce kilifin, ko ta yi awa biyu ba ta wuce ɗan abin da ya haura rabin yunit ba, alhali fanel ukkun sun kawo mashi wajen yunit 6 a yini, har da hantsi da la'asar da ranakun hazo, lokacin da firiza ke neman wuta rana kuma ba ta da ƙarfi. Shi ya sa ake yawan kai fanel ninki 1.2 zuwa 1.3 na ƙarfin inbata. In aka zarce sosai, abin da ake yankewa sai ya fara cinye ribar.

Wutar da aka yanke ba ta shiga inbata balle ta ƙona ta. Sashen inbatar da ake kira MPPT, mai daidaita wutar da ake ja daga faneloli, shi ne ke barin boltej ɗin fanelolin ya ɗan hau, amfiya ta ragu, sauran ya tsaya a kan rufi a matsayin zafi. Sai dai inbatar za ta daɗe tana aiki a ƙurewarta, don haka kada a kulle ta a lungun da ba iska.

Inda ake barin kuɗi shi ne boltej, wannan kam inbata ba ta iya datse shi. Fanel mai wat 550 Voc ɗinsa, wato boltej ɗinsa in ba a jan wuta daga gare shi, kusan bolt 50 ne, in ka jera 12 a layi ɗaya 600 ke nan, inbatoci da yawa na gida kuwa iyakarsu 500, tana nan rubuce a gefe, Max PV voltage ko makamancin haka. Ga shi da safiyar sanyin Janairu boltej ƙara hawa yake. Sai a raba layi biyu, shida-shida, kowane wajen bolt 300, a kuma duba littafin inbatar nawa amfiya da wat na fanel ta yarda da su.

Wani abu kuma, ba kowane faɗuwar wuta da rana ne kilifin ba. In batir ya cika kuma ba kaya a kunne, inbata ita ma tana rage ja, sai ka ga lambar tana bin abin da gidan ke ci, ka kunna famfon rijiya ta tashi nan take. Na kilifin kuwa a lamba ɗaya yake maƙalewa, iyakar inbatar, kuma ya fi fitowa washegarin ruwan sama, fanel ya wanku gari ya yi sanyi rana ta fito tarwai.