Dubu ɗari da hamsin: nawa ke nan a rahoton kuɗi?

Malam, ƙungiyarmu ta manoma a nan Daura ta ba ni rahoton kuɗi na shekara in mayar da shi Hausa. A jadawali na ga 4,250 a layin ciniki, a can sama kuma an sa ₦'000. Yaya zan rubuta?

Ƙanena, wannan ƙaramar alama ta sama ita ce makullin jadawalin duka. Tana nufin an cire sifili uku daga kowace lamba don a rage cunkoso. Saboda haka cinikinku naira miliyan 4 ne da dubu 250. In ka kwafe 4,250 ka bar alamar a baya, ka mayar da cinikin shekara kuɗin cefane. Ka bar lambobin jadawali yadda suke, ka rubuta a samansa da Hausa ƙarara: "Duk adadin da ke nan dubban naira ne."

Sai ka duba layin ƙasa. A ce an kashe 4,630, layin ƙarshe kuma ya nuna (380). Baka biyun nan a wurin akanta alamar ragi ce. Ka ɗebe 4,630 daga 4,250 da kanka, za ka ga giɓin 380. A cikin bayani sai ka ce an yi asarar naira dubu 380. Na taɓa ganin fassarar da aka share bakan don a gyara shafi, mambobi suka zo taro suna jiran rabon riba.

Inda na fi so ka natsu shi ne wurin rubuta adadi da kalmomi. In ka ce "naira dubu ɗari da hamsin", a kasuwa kowa zai ɗauka 150,000 ce, amma mai 100,050 ma haka zai faɗa. A baki ana iya sake tambaya, takarda kuwa ba ta amsawa. Don haka ka maimaita kalmar da ke raba gardama: "naira dubu ɗari da dubu hamsin" ga ta farko, "naira dubu ɗari da naira hamsin" ga ta biyu. Ni dai na fi son "naira dubu 150", don ido ɗaya ake yi mata a wuce.

Ɗigo ma yana da tarkonsa. ₦2.5m miliyan biyu da rabi ce, wato da dubu 500. ₦2.05m kuwa miliyan biyu ce da dubu 50. Sifili ɗaya ya raba su da naira dubu 450. Tunda da baki za a karanta wa mutane rahoton, ka warware ɗigon, kada ka bar mai karatu yana cewa "biyu ɗigo sifili biyar".

Akwai rasit daga Maraɗi da aka rubuta 1.250.000. Kuskure ne?

Daidai yake bisa tsarin Faransanci da ake bi a Nijar. Can ana raba dubbai da ɗigo ko da 'yar tazara, waƙafi kuma shi ke aikin da ɗigo ke yi a wurinmu. Wannan sefa miliyan 1 ce da dubu 250, kuma 2,5 a takardarsu biyu da rabi ne. Ka mayar da shi tsarin Najeriya, ka rubuta "sefa" a gabansa. Kada ka canza shi zuwa naira da farashin 'yan canji na yau. In rahoton da kansa ya canza shi zuwa naira, ka kawo farashin da ya yi amfani da shi da ranarsa.

Ka kiyayi kalmomin kasuwa. A bakin mutumin Maraɗi dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. A nan gida dala kuɗin Amurka ce, jaka kuma naira 200 a lissafin dattawa. Rubuta "dalar Amurka" cikakke duk inda ta zo.

To kwanan wata kamar 03/04/2024 fa?

A Najeriya rana ke fara zuwa, wato 3 ga Afrilu. Amma in takardar ta fito daga masu ba da tallafi na Amurka, ko manhajar lissafin tana kan tsarinsu, 4 ga Maris ce. Ka nemi wani kwanan wata a cikin takardar mai lambar da ta haura 12. In ka ga 12/31/2023, ka san wata ne a gaba, haka kuma za ka karanta sauran duka. Sai ka rubuta sunan watan: 31 ga Disamba, 2023.

Ka kuma lura da abin da kwanan yake aunawa. Jadawalin kadara da bashi yana nuna abin da ke hannu a rana guda, sai ka ce "ya zuwa 31 ga Disamba, 2023". Na riba da asara ya tattara watanni goma sha biyu, sai ka ce "na shekarar da ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2023". Kafin ka miƙa wa shugaban ƙungiya, ka sa wani ya karanta maka Hausar da ƙarfi, kai kana bin asalin da yatsa, layi bayan layi.