Karyewar haɗaɗɗun baƙaƙe a fassararrun takardun Dewanagari da Sinhala

Karyewar haɗaɗɗun baƙaƙe matsala ce ta rubutun kwamfuta da ke samun takardun da aka fassara zuwa harsunan Hindi, Marati da Nepali, waɗanda ake rubutawa da Dewanagari, da kuma Sinhala, harshen mafi yawan mutanen Siri Lanka. Baƙaƙe biyu ko uku da ya kamata su narke su zama siffa guda sai su fito a rarrabe, ko wasali ya zauna a inda ba wurinsa ba. Illar takan samo asali daga ɗayan wurare biyu: ko dai lambobin Yunikod da ke cikin fayil, wato lambobin da kwamfuta ke ajiye kowane harafi da su, sun lalace, ko kuwa lambobin lafiyarsu ƙalau amma abin da ke zana su ya kasa. Rarrabe waɗannan biyun shi ne matakin farko na gyara, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan komai.

Yadda haɗin yake samuwa

A rubutun biyu, kowane baƙi yana zuwa da wasalin "a" a cikinsa, ta yadda क na Dewanagari "ka" ake karanta shi. Idan ana son baƙin ya tsaya babu wasali, sai a sa masa wata alama da ke yin aikin da ɗauri ke yi a rubutun ajami. A Dewanagari sunanta wirama ko halant, lambarta U+094D, a Sinhala kuwa ana kiranta al-lakuna, lambarta U+0DCA. Amma marubutan waɗannan harsuna sau da yawa ba sa barin alamar a fili. Baƙin da aka ɗaure yakan yanke rabinsa ya jingina da na gaba, ko su biyun su koma wata sabuwar siffa, kamar yadda क da ष ke zama क्ष, wanda bai yi kama da ko ɗayansu ba.

Yunikod bai ba wa irin wannan siffa lamba tata ba. Abin da fayil ke ajiyewa jerin lambobi ne bisa tsarin furuci, wato baƙi, ɗauri, baƙi. Zana siffar aikin abubuwa biyu ne. Na farko shi ne zubin haruffa, fayil ɗin da ke ɗauke da zanen haruffa da ƙa'idojin musanya su, wanda a allon kwamfuta ake gani da sunan font. Na biyu injin tsarawa ne, irin su HarfBuzz ko Uniscribe na Windows, wanda ke karanta jerin lambobin, ya sake musu matsayi, ya nemi siffar da ta dace a cikin zubin. Wasalin "i" gajere, U+093F, misali ne mai kyau: ana ajiye shi bayan baƙi amma ana zana shi a gabansa, kamar a कि. Haka nan र mai ɗauri yakan tsallake baƙin da ke biye da shi ya zama ƙugiya a samansa, kamar a धर्म.

Harafi ɗaya, aiki biyu masu karo da juna

Mafi yawan ɓarnar da ke tsallake idon mai dubawa tana da alaƙa da wani harafi marar siffa kuma marar faɗi, U+200D, wanda aka sani da ZWJ. Abin lura shi ne aikinsa a rubutun biyu kusan kishiyar juna ne.

A Dewanagari, wanda ke cikin Yunikod tun fitowar farko a 1991 bisa tsarin ISCII na Indiya, haɗin shi ne asali. Da zarar wirama ta shiga tsakanin baƙaƙe biyu, injin zai haɗa su matuƙar zubin yana da siffar. Ana sa ZWJ ne bayan wirama don a hana cikakken haɗi a nemi rabin baƙi, ɗan'uwansa U+200C kuma, wato ZWNJ, yana tilasta wiramar ta fito a fili. Sinhala, wanda ya shiga Yunikod a fitowa ta 3.0 a 1999, ya bi wata hanyar dabam, kuma ma'aunin ƙasar Siri Lanka mai lamba SLS 1134 ya tabbatar da ita: al-lakuna ita kaɗai ba ta haɗa komai, a fili take fitowa, sai an sa ZWJ kafin haɗin ya samu. Siffofi uku da suka dogara da shi su ne rakaransaya, wato "ra" da ke lanƙwasowa a ƙarƙashin baƙi, da yansaya, wato "ya" da ke mannewa a gefensa, da repaya, wato "ra" da ke hawa sama. Biyun farko suna cika rubutun yau da kullum.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa aikin "tsabtace" fayil ke zama haɗari. Manhajojin fassara da rumbunan bayanai da ƙananan shirye-shiryen da injiniyoyi ke rubutawa sukan share haruffan da ba a gani, saboda a rubutun Turawa irin waɗannan galibi shara ce da ta biyo kwafi. ZWJ yana cikin rukunin da Yunikod ya yi wa laƙabi da Cf, don haka umarnin da ya share rukunin gaba ɗaya zai tafi da shi. A fayil ɗin Hindi da wuya a ga wata illa, rabin baƙi ya koma cikakken haɗi, kalmar tana nan yadda take. A fayil ɗin Sinhala na takarda guda ɗin, kowace rakaransaya da kowace yansaya sai ta warware. Wanda ya gwada umarninsa a kan Hindi kaɗai ya ga babu matsala zai iya ɓata Sinhala duka bai sani ba.

Misali: kalmar farko ta sunan ƙasar

Kalmar ශ්‍රී, wadda ke farkon sunan Siri Lanka, siffa ɗaya ce a ido amma lambobi biyar ne a fayil. Ana iya ganinsu da wannan layi na Python:

```python
[hex(ord(c)) for c in "ශ්‍රී"]
# ['0xdc1', '0xdca', '0x200d', '0xdbb', '0xdd3']
```

Na farko baƙin "sha" ne, na biyu al-lakuna, na uku ZWJ, na huɗu baƙin "ra", na biyar dogon wasalin "i". Idan aka cire na ukun, kalmar za ta zama ශ්රී: "sha" da ɗaurinsa a fili, sannan "ra" a tsaye shi kaɗai ɗauke da wasalin. Babu akwatin da ya bayyana, babu alamar tambaya, duk haruffan na Sinhala ne masu kyawun zane. Wannan ya bambanta da abin da Bahaushe ya saba gani idan zubi ba shi da ƙ ko ɗ, inda akwati ke fitowa kowa ya san da matsala. A nan mai tsara shafin da bai iya karanta Sinhala ba zai wuce da takardar zuwa maɗaba'a hankalinsa kwance, alhali ɗan makaranta a Kolombo zai ga kuskuren da kallo ɗaya.

Ganowar tana da sauƙi ga wanda ya san abin da yake nema. A kwafi kalmar daga fayil ɗin asali a ƙirga lambobinta. In huɗu suka fito, rubutun ne ya lalace, kuma canza zubi sau goma ba zai dawo da shi ba. In biyar suka fito amma kalmar tana nan a warware, rubutun lafiya yake, laifin na zubi ne ko na injin tsarawa. Maido da ZWJ da ya ɓace kuwa bai kamata a yi shi a makance ba, domin ba duk inda al-lakuna ta gabaci "ra" ko "ya" ne ake nufin haɗi ba. Komawa ga fayil ɗin da mai fassara ya miƙa ya fi aminci, in babu shi sai mai jin harshen ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Dewanagari ma bai tsira gaba ɗaya ba. A Marati akwai wata siffar rabin "ra" mai kama da gashin ido, wadda ɗaya daga hanyoyin rubuta ta ita ce र da wirama da ZWJ. In aka share shi, kalmar da ke nufin "kwaruruka" sai ta koma दर्या, wato "teku". Ɗaya hanyar, mai amfani da ऱ, U+0931, ba ta dogara da harafin ɓoye ba, shi ya sa ta fi jure wa yawo tsakanin manhajoji.

Idan laifin na nuni ne

Alama mafi saurin ganewa ita ce wasalin "i" gajere ya fito a bayan baƙinsa, kuma kowace wirama ta bayyana a fili. Hakan na nufin manhajar tana jera siffofi bisa tsarin lambobi ba tare da injin tsarawa ba. Yana faruwa a wasu shirye-shiryen da ke samar da PDF kai tsaye, da kuma manhajar tsara shafuka ta InDesign idan sakin layin bai kasance a kan Adobe World-Ready Paragraph Composer ba. Da'ira mai ɗige-ɗige, U+25CC, alama ce ta dabam: injin ya tarar da wasali ko ɗauri babu baƙin da zai hau. Sau da yawa sanadin shi ne an yanka gaɓar biyu, ko dai alamar tsari ta manhajar fassara ta faɗa tsakiyarta, ko an sa rabinta da kauri, ko an datse jimla a adadin haruffa ba tare da la'akari da iyakar gaɓa ba. Irin wannan yankan yana faruwa kuma idan zubin da aka zaɓa ba shi da wani harafi na cikin gaɓar, manhajar ta ɗauko shi daga wani zubin.

Ya kamata a yi hattara da kiran kowane bambanci kuskure. Zubi kamar Mangal, Nirmala UI da Noto Sans Devanagari ba su da yawan haɗe-haɗe iri ɗaya, kuma idan siffa ta gagara, ƙa'ida ta yarda a koma ga rabin baƙi ko ga wirama a fili. A Hindi na yau wannan karɓaɓɓe ne, ko da yake mai buga littafin Sanskirit zai nemi zubi mai cikakkun siffofi.

Tsofaffin zubi

Kafin Yunikod ya yaɗu, an yi ta rubuta waɗannan harsuna da zubin da ke ɗora zanen haruffansu a kan lambobin haruffan Latin, kamar Kruti Dev a Hindi, Preeti a Nepali da FM Abhaya a Sinhala, kuma har yanzu ana samun takardun ofis da na maɗaba'a a wannan tsari. A Kruti Dev, kalmar हिन्दी a fayil `fgUnh` ce, kuma da zarar an buɗe ta a kwamfutar da ba ta da zubin, haruffan Latin ɗin ne za su bayyana. Wanda ya lura zai ga `f`, wasalin "i", ya riga `g`, baƙinsa, domin an buga su ne bisa tsarin gani. Saboda haka mayar da irin wannan rubutu zuwa Yunikod ya wuce musanya harafi da harafi. Dole shirin juyawar ya mayar da wasalin bayan dukan gungun baƙaƙen da ke biye da shi, ya dawo da ƙugiyar "ra" farkon gaɓarta, a Sinhala kuma ya saka ZWJ a duk inda tsohon zubin ya yi amfani da zanen rakaransaya ko yansaya. Shirin da ya tsallake da wasalin baƙi ɗaya kacal zai yi daidai a कि ya kuskure a स्थि, inda baƙaƙe biyu ne ke biye da shi. Rubutun da aka kwafo daga PDF yakan zo da irin wannan cuta, wasula a gaban baƙaƙensu da haɗe-haɗen da suka ɓace, don haka masu aikin fassara kan nemi fayil ɗin da aka samar da PDF ɗin daga gare shi maimakon su kwafa daga shafin da aka gama.